Ranar Ɗaukar Hoto da Yatsu a Ofishin Fasfo na Birnin Kebbi: Yadda Za Ka Shirya Tun Daga Gida

Tambayar da ake yawan yi mini, musamman idan lokacin biyan kuɗin aikin Hajji ya matso ko an fitar da sunayen ɗaliban da za su tafi karatu waje, ita ce me ake yi wa mutum a ranar da aka kira shi ɗaukar hoto da yatsu, kuma me zai riƙe a hannu. Aikin kansa a gaban na'ura 'yan mintoci ne. Amma wanda ya taso daga Zuru ko Yauri ko Kamba, ya kashe kuɗin mota, wataƙila ma ya kwana a hanya, sannan aka ce ya koma ya dawo, shi ya san zafin abin. Kusan duk abin da ke sa a mayar da mutum ya lalace ne tun makonni kafin ranar: ko dai bayanan NIN, ko biyan kuɗi, ko fatar yatsu. Don haka zan bi matakan yadda ya kamata su biyo juna, kuma maganata a kan fasfon ƙasa da ƙasa ne na Hukumar Shige da Fice ta Najeriya.

Mataki na 1: Duba NIN ɗinka kafin ka taɓa komai

Sunan da zai fito a fasfo ba daga bakinka ake ɗaukarsa ba. Shafin neman fasfo yana janyo suna, ranar haihuwa da jinsi kai tsaye daga rumbun hukumar NIMC da zarar ka sa lambar NIN. Abin da ke can shi zai zo nan, har da kuskuren da magatakarda ya yi shekarun baya. Idan ka manta lambar, danna `*346#` da layin da ka yi rijista da shi.

Ɗauko silif ɗin NIN, ka ajiye shi kusa da takardar haihuwa da takardar ƙaramar hukuma, ka karanta harafi bayan harafi. A wajenmu matsalar ta fi yawa a abubuwa uku. Na farko rubutun suna: Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, ko Aisha da A'ishatu. Na biyu jerin suna, inda aka sa sunan uba a gurbin sunan mutum, ko aka sa sunan gari kamar Argungu ko Gwandu a wata takarda aka bar shi a wata. Na uku ranar haihuwa, domin dattawa da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu ne da kintace, kuma shekarar ba ta dace da ta sauran takardunsu ba.

Idan akwai gyara, a wajen NIMC ake yinsa, ta shafin `selfservicemodification.nimc.gov.ng`. Bisa farashin da hukumar ta fitar a watan Mayun 2025, gyaran suna naira 2,000 ne kowane gurbi, gyaran ranar haihuwa kuwa naira 28,574, kuma yana buƙatar takardar shaida daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Gyaran ba ya fita a rana ɗaya.

Gargaɗi: kada ka biya kuɗin fasfo da niyyar za ka gyara NIN daga baya. Jira sai gyaran ya bayyana tukuna. Mai sabunta tsohon fasfo kuma ya gwama NIN da shafin bayanan tsohon fasfon. Idan sun saɓa, aikinsa ya tashi daga sabuntawa ya koma neman sauya bayanai, wanda ya fi tsawo kuma ya fi cin takardu.

Mataki na 2: Haɗa takardu

Mai neman fasfo karon farko zai buƙaci silif ɗin NIN, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Dattijon da ba a yi masa rijistar haihuwa ba yana kawo takardar rantsuwar shekaru daga kotu. Yaron da bai kai shekara 18 ba sai da takardar amincewar iyaye, kuma shi ma sai da NIN nasa. Mai sabuntawa zai zo da tsohon fasfo. Wanda nasa ya ɓace sai da rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu.

Takardar ƙaramar hukuma ta zama ta asalin inda ka fito ce. Mutumin Bagudo da ke zaune a Birnin Kebbi, ta Bagudo zai karɓo. Tun a watan Janairun 2024 ake ɗora waɗannan takardu a shafin intanet lokacin cike fom, amma duk da haka ka tafi da na ainihin tare da kwafinsu.

Mataki na 3: Hoton da za ka ɗora

Hoto iri biyu ne a wannan aiki, kuma mutane suna rikita su. Akwai wanda kake ɗorawa a shafin lokacin cike fom, akwai kuma wanda ake ɗaukar fuskarka ido da ido a ofis. Ƙa'idarsu ɗaya ce, ta Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, domin na'urar filin jirgi ce za ta gwama fuskarka da shi.

Je wurin mai hoto ka ce masa na fasfo ne na ɗorawa, ya turo maka shi a waya. Bayan hoton ya zama fari ƙal, babu inuwa. Ka fuskanci kyamara sosai, kai a miƙe, baki a rufe, ido a buɗe, babu murmushi. Cire hula da tabarau. Hoton ya zama sabo, wanda bai wuce wata shida ba.

Mace ba a hana ta hijabi, amma dole fuskar ta fito gaba ɗaya, daga ƙarƙashin haɓa zuwa saman goshi, da gefen kumatu biyu. A nan ne ake yawan samun cikas: hijabi mai hula da ke saukowa har kan gira, ko mai faɗi da ke jefa inuwa a kan ido. Farin hijabi kuma yana narkewa cikin farin bango, gefen kai ya ɓace. Ta sa mai duhu, kamar ruwan ƙasa, kore ko shuɗi. Haka namiji ya bar farar riga a gida ran nan.

Gargaɗi: ka hana mai hoto yi maka kwalliya da kwamfuta. Wasu da kyakkyawar niyya suke goge tsagar gado, su share tabo, su haskaka fata. Wannan ba taimako ba ne, domin hoton da bai yi kama da fuskar da za ta zauna gaban kyamarar ofis ba matsala yake jawowa. Haka kuma kada a ɗauki hoton tsohon hoto da waya a ɗora. Shafin yana ƙin irinsa.

Mataki na 4: Cike fom da biyan kuɗi

Shafin hukuma shi ne `passport.immigration.gov.ng`. Buɗe asusu da imel ɗinka da lambar wayarka. Mafi yawanmu a kafe ake cike mana, kuma babu laifi a cikin haka, amma ka tsaya a kan mai kafen har ya gama. Kada ka yarda ya sa imel ɗinsa ko lambarsa a madadin naka, domin duk saƙon da zai zo daga baya wurinsa zai tafi. Ka karɓi kalmar sirrin ka rubuta a takarda. A gurbin zaɓen ofishi ka tabbata Birnin Kebbi aka zaɓa, idan can kake nufi, saboda inda ka zaɓa can za a ɗauki yatsunka.

Tun daga 1 ga Satumban 2025, kuɗin fasfo ga mai nema a cikin Najeriya shi ne naira 100,000 na mai shafi 32 da ke aiki shekara 5, da naira 200,000 na mai shafi 64 da ke aiki shekara 10. Idan ka raba, duka biyun naira 20,000 ne a shekara. Bambancin shi ne mai shekara 10 ya huta da sake bin layi, ya kuma tsira daga ƙarin kuɗi a tsakani, alhali an ninka farashin daga 50,000 zuwa 100,000 cikin shekara guda. A ganina ɗan kasuwa mai yawan tafiya da dattijon da yatsunsa suka fara shafewa su daure su yi mai shekara 10 idan da hali. Yaron da bai kai 18 ba mai shekara 5 kaɗai ake ba shi.

A shafin ake biya, ba a hannun kowa ba. Kafin ka zauna biyan, duba abu biyu: ko katinka yana da izinin fitar da wannan adadin a intanet a rana ɗaya, da kuma ko layin da banki ke turo lambar tabbatarwa yana hannunka. Ka bar ɗan rara a asusun saboda kuɗin caji.

Gargaɗi: idan banki ya cire kuɗi amma shafin bai nuna an biya ba, kada ka sake biya nan take. Ajiye saƙon cire kuɗin, rubuta lambar fom ɗinka, ka ba shi lokaci sannan ka sake shiga ka duba. Sau da yawa jinkirin sadarwa ne kawai. Wanda ya biya sau biyu yakan sha wahala kafin ya ga kuɗinsa. Kuma duk wanda ya ce ka tura kuɗin asusunsa zai yi maka hanya, ka nemi rasit ɗin da ya fito daga shafin hukuma da sunanka a jiki. Idan babu, ba a biya maka ba.

Bayan biya sai zaɓen rana. Buga takardu uku: fom ɗin da ka cike, rasit, da silif ɗin ranar zuwa. Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar ɗaukar rana mafi kusa sai ka dubi hannunka tukuna.

Mataki na 5: Gyaran yatsu, tun saura mako biyu zuwa uku

Wannan ne matakin da kusan babu mai faɗa wa mutane, kuma shi ya fi shafar mutanen Kebbi. Na'urar tana karanta siraran layukan da ke tafin yatsa ne. Idan ka aza yatsa a kan gilashin, tudun layin yana taɓa gilashi, kwarin da ke tsakani ba ya taɓawa, daga nan hoton yake fita. Saboda haka abu uku ke ɓata aikin. Idan fata ta bushe ƙwarai, layukan ba sa manne wa gilashin, hoton ya fito fari-fari a kakkarye. Idan ta jiƙe da gumi ko mai, kwarin ya cike, hoton ya fito baƙi dunƙule. Idan kuma aiki ya cinye layukan, babu abin da na'urar za ta gani.

Duba naka yau. Tsaya a hasken rana ka kalli ƙarshen kowane yatsa. Idan kana ganin layukan suna zagaye sarai, babu damuwa. Idan wurin ya yi sumul yana sheƙi, ko ya yi kanta, ko fata tana ɓarewa, ko akwai tsage-tsage a kwance, kana buƙatar shiri. Waɗanda abin ya fi samu su ne manoman shinkafa da hannunsu ke wuni cikin ruwa da laka, masunta masu jan koma, magina masu taɓa siminti, kanikawa, mata masu yawan wanki da omo da surfe, da tsofaffi waɗanda fatarsu ta yi laushi ta saki. Lokacin hunturu kuwa kusan kowa hannunsa a bushe yake.

Maganin ba shi da tsada. Kowane dare ka wanke hannu, ka shafa man kaɗanya ko basilin a ƙarshen yatsu sosai, ka kwanta da shi. Ka rage aikin da ke cin fata gwargwadon iko, ko ka sa safar hannu. Layukan suna dawowa da kansu idan ba rauni mai zurfi ne ya ci su ba, domin fatar sama tana sabunta kanta cikin 'yan makonni. Kada ka kankare kanta da reza ko ka goge da dutse, ƙara lalata wurin za ka yi.

Sai maganar lalle. Ƙunshin da aka yi a bayan hannu ko a ƙafa ba ruwan na'ura da shi. Wanda ke hana aiki shi ne wanda ya rufe ƙarshen yatsu, musamman baƙin lalle na dayis da ja mai kauri. Wasu lokutan ma yakan sa fata ta yi ta ɓarewa idan ya fara fita. Lalle yakan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya kwanta, don haka mace ta lissafa bukukuwan da ke gabanta kafin ta zaɓi rana. Kada kuma ta nemi cire shi da bilic ko wani sinadari, domin zai tafi da layukan tare da launin.

Mu ɗauki misali. Uwa ce mai shekara 58 daga Argungu, sana'arta turara shinkafa da surfe, za ta yi fasfo don Umara. Ɗanta ya duba NIN ya ga komai daidai, ya biya naira 100,000. Shafin ya nuna akwai gurbi nan da kwana huɗu. Amma shekaranjiya aka yi mata baƙin lalle na bikin jikarta har ƙarshen yatsu, ga kanta a babban yatsa da manuniya saboda taɓarya. Idan ya ɗauki ranar kusa, akwai yiwuwar su biya mota zuwa da dawowa su koma hannu rabbana. Abin da ya dace shi ne ya zaɓi rana bayan mako uku. A tsakanin nan ta bar surfe ga 'yan mata, ta riƙa shafa man kaɗanya kowane dare, kada ta sake lalle ko da wani bikin ya taso. Idan saura kwana biyu ya kalli yatsunta a rana. Jinkirin mako ukun ya fi sauƙi a kan zuwa sau biyu.

Gargaɗi: idan ka yanke ko ka ƙone a ƙarshen yatsa ana gab da ranar, gara ka nemi a ɗage maka har ya warke. Ba a ɗaukar yatsa mai bandeji. Wanda kuwa ya rasa yatsa ko aka haife shi da nakasa a hannu, wannan ba ya hana fasfo. Ya faɗa wa jami'in tun farko, a rubuta a bayanansa a ɗauki sauran.

Mataki na 6: Safiyar ranar

Kada ka shafa mai a tafin hannu da safen nan, ko turare mai maiƙo. Wanke hannu da ruwa kawai. Riƙe ɗan hankici idan lokacin zafi ne, saboda gumi. Mace ta rage kwalliya, ta bar gashin ido na kanti da gilashin ido mai launi da ake sawa a cikin ƙwayar ido. Sa takardunka a jaka ɗaya, na ainihi daban, kwafi daban. Caja wayarka, kuma ka riƙe layin da ke kan NIN. Wanda zai taso daga nesa kamar Zuru ko Yauri ya fi masa kyau ya kwana a Birnin Kebbi, domin da safe layi ya fi tafiya, kuma idan sadarwa ta yanke da rana wanda ya zo da wuri ya riga ya wuce.

Mataki na 7: Abin da ke faruwa a ciki

A ƙofa za a duba silif ɗin ranarka. Daga nan sai teburin tantance takardu, inda jami'i zai gwama na hannunka da abin da aka ɗora. Yana iya yi maka tambayoyi a kan garinku, ƙaramar hukumarku da iyayenka, don tabbatar da cewa kai ɗan ƙasa ne. Mutanen garuruwan kan iyaka kamar Kamba da Kangiwa kada su ji haushin wannan, su amsa a natse, amsar ta dace da abin da ke takarda. Dattijon da ba ya jin Turanci ya yi magana da Hausa abinsa.

Idan an kira ka ɗakin ɗauka, za ka zauna gaban kyamara. Cire hula da tabarau tun kafin a ce maka. Mai niƙabi za ta ɗaga shi, kuma tana iya roƙon a haɗa ta da jami'a mace idan akwai. Kalli idon kyamarar, ba fuskar jami'in ba.

Sai yatsu, duka goma. A na'ura mai faɗin gilashi ana aza yatsu huɗu na hannu ɗaya tare, sannan huɗun ɗayan hannun, sannan manyan yatsu biyu. Shimfiɗa su a kwance, tafin yatsan ne zai taɓa gilashi ba tsininsa ba. Danna kaɗan kawai. Mutane da yawa suna zaton ƙarfi ne ke sa ya kama, alhali dannawa da ƙarfi tana baje layukan su haɗe. Kada ka motsa har sai an ce ka ɗaga. Idan ya ƙi, za ka ji jami'in ya ce, "Baba, ɗan saki hannun, kada ka danne," ko "Hajiya, goga yatsan a goshinki." Maiƙon goshi ko gefen hanci yana isa ya farfaɗo da busasshen yatsa. Mai gumi kuwa ya goge a hankici. Ana maimaitawa sau da dama, ba abin tashin hankali ba ne.

Bayan nan za ka sa hannu a kan ɗan allon lantarki. Yi irin sa hannun da ka saba, a cikin akwatin, domin shi zai zauna a fasfon har ya ƙare aiki.

Gargaɗi mafi girma yana nan: kafin ka tashi daga kujerar, karanta bayananka a allon kwamfuta ko a takardar da aka miƙo maka. Suna, jerin suna, ranar haihuwa, wurin haihuwa, jinsi. Idan ba ka iya karatun boko ba, ce masa, "Yallaɓai, don Allah a karanta mini in ji." Hakkinka ne, kuma kada kunyar mutanen da ke bayanka a layi ta hana ka. Kuskuren da aka kama a nan ana iya tsayar da aikin a gyara shi. Wanda aka gani bayan an buga fasfo sai an sake nema da sabon kuɗi.

Mataki na 8: Bayan an gama

Za a ba ka silif ɗin shaidar an ɗauke ka. Ɗauki hotonsa a waya, ka adana takardar inda ruwa ba zai taɓa ta ba, domin da ita za ka karɓi fasfon. Kana iya bin sawun aikin a `track.immigration.gov.ng` da lambobin da ke kan takardunka. Wa'adin da hukumar ta sa a shekarar 2021 shi ne mako shida ga sabon fasfo da mako uku ga sabuntawa, ana ƙirgawa daga ranar ɗaukar yatsu, ba daga ranar biya ba. Wani lokaci yana fitowa kafin haka, wani lokaci ya wuce, don haka kada ka sayi tikitin jirgi sai fasfon yana hannunka. Maniyyaci kuma ya tuna cewa Saudiyya tana son fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare, saboda haka wanda nasa ya kusa mutuwa ya fara wannan aikin tun kafin hukumar alhazai ta jiha ta fara karɓar fasfo.

Ranar karɓa ka je da kanka da silif ɗin. Buɗe shafin bayanai a nan gaban teburin, ka sake karanta suna da ranar haihuwa da ranar ƙarewa, ka ƙirga ko shafi 32 ne ko 64 kamar yadda ka biya, sannan ka sa hannu a littafin karɓa.